Mabuɗi Gwargwadon Aiki: Yadda Taƙaita Izini Ke Rage Ɓarnar Kuskure Da Ta Satar Kalmar Sirri



Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin kuɗi ya san cewa akawun da ya rubuta baucan biya ba shi ne ke sa masa hannu ba, mai sa hannun kuma ba shi ne ke riƙe da mabuɗin akwatin kuɗi ba. Ba don ana zargin akawu da sata aka yi wannan tsari ba. An yi shi ne domin an san ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma mabuɗi yana iya faɗawa hannun wanda ba mai shi ba. To, yau yawancin baucoci da rajistoci sun koma cikin kwamfuta, mabuɗi kuma ya zama suna da kalmar sirri. Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne ƙa'ida ɗaya daga cikin ƙa'idodin tsaron kwamfuta, wadda zan kira ƙa'idar taƙaita izini. Ma'anarta ita ce a ba kowane ma'aikaci, da kowace manhaja, iyakar izinin da aikinsa ke bukata, na iyakar lokacin da yake bukatarsa, kada a ƙara masa kome a kai.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT ta ƙasar Amurka, watau Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka buga wata maƙala inda suka jera ƙa'idodi takwas na kare bayanai a cikin kwamfuta, wannan kuwa tana cikinsu. Abin lura shi ne, amfanin farko da suka ambata mata shi ne rage ɓarnar da haɗari ko kuskure ke jawowa. Watau tun asali an yi ta domin mutumin kirki mai kuskure kamar yadda aka yi ta domin ɓarawo.

Abin da kwamfuta ke tambaya

Dalilin da ya sa magani ɗaya ke yi wa cuta biyu yana cikin yadda kwamfuta take aiki. Idan aka ba ta umurni, tambaya biyu kaɗai take yi. Ta farko, da wane suna aka shigo, kuma kalmar sirrin ta yi daidai? Ta biyu, shin an ba wannan suna izinin yin abin da aka nema? In amsar duka biyun ta zama i, sai ta zartar. Ba ta ganin fuskar wanda ke zaune a gabanta, ba ta kuma san abin da ke zuciyarsa ba. Saboda haka akawun da barci ya ɗebe shi ya buga umurnin da bai yi niyya ba, da ɓarawon da ya sace kalmar sirrin akawun ya buga wannan umurni da gangan, duk ɗaya suke a wurinta.

Daga nan za mu iya fitar da hukunci guda, wanda shi ne ginshiƙin wannan lacca. Mafi munin abin da zai iya faruwa ta hanyar wani suna, ko da kuskure ko da ganganci, bai wuce iyakar izinin da aka ba sunan ba, muddin dai shingen da aka kafa bai tsage ba. Ba mu da ikon hana mutum kuskure har abada, ba mu kuma da tabbacin cewa ba za a taɓa sace kalmar sirri ba. Amma iyakar izini a hannunmu take, mu ne ke rubuta ta.

Misalin ofishin albashi

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wata ma'aikata tana da ma'aikata 3,000, an kuma ajiye bayanan albashinsu a cikin rumbun bayanai irin wanda ake kira PostgreSQL. A cikin rumbun akwai jadawali mai suna `albashi`. Kowane ma'aikaci yana da layi guda, kowane layi kuma yana da gurabe: lambar ma'aikaci, sunansa, sashensa, matakin albashinsa, da lambar asusunsa na banki. Akwai akawu ɗaya da aka ɗora wa kula da sashen lafiya, mai ma'aikata 120. Wata rana ma'aikaci mai lamba 417 ya kawo takarda cewa ya sauya banki. Umurnin da ya kamata akawu ya buga shi ne wannan:

```
UPDATE albashi SET lambar_asusu = '0000000417'
WHERE lambar_maaikaci = 417;
```

Layin farko yana cewa a sauya lambar asusu. Layi na biyu shi ne ke cewa ta wa za a sauya. To, a ce wayar akawu ta yi ƙara, hankalinsa ya rabu, ya rufe umurnin a ƙarshen layin farko ya manta da na biyu. Rumbun ba zai ga laifin kome ba, domin a wurinsa umurnin cikakke ne, ma'anarsa kuwa a sauya ta kowa. Alamar da akawu zai gani ita ce amsar da rumbun ya mayar masa. Da ya yi daidai, da ya ga `UPDATE 1`, watau layi ɗaya aka taɓa. Adadin da zai gani a maimakon ɗayan nan ya dogara ne ga izinin da aka ba shi tun farko. Mu duba hali huɗu.

Hali na farko, wanda ake yawan samu, shi ne a ce duk ofishin da suna ɗaya suke shiga, sunan babban mai kula da rumbun, wanda ba a hana shi kome. A nan akawu zai ga `UPDATE 3000`. Albashin mutum 3,000 ya karkata zuwa asusu guda. In ba a lura ba har aka aika wa banki takardar biya, ranar albashi ma'aikata 2,999 za su koma gida hannu rabbana. In an lura kuma babu kwafin ajiya mai kyau, sai a koma ga fayilolin takarda a sake shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya. In kowace lamba ta ci minti 5, aikin zai ci awa 250, watau fiye da kwana 31 na aikin awa takwas ga mutum ɗaya. Daɗin daɗawa, da yake kowa da sunan nan yake shiga, rajistar rumbun ba za ta iya nuna wanda ya yi ba, sai zargi ya hau kan ofis duka.

Hali na biyu, an buɗe wa akawu sunansa na kansa, an ce ya karanta jadawalin, ya kuma gyara gurbi ɗaya tak:

```
GRANT SELECT, UPDATE (lambar_asusu)
ON albashi TO akawu_lafiya;
```

Yanzu ba zai iya share layi ba, ba zai iya ƙirƙiro sabon ma'aikaci ba, ba zai kuma iya taɓa matakin albashi ba. In ya gwada, rumbun zai ƙi, ya amsa masa da `permission denied for table albashi`. An samu ci gaba, amma ku lura da kyau: kuskurenmu bai gushe ba. Gurbin da aka ba shi izinin gyarawa shi ne wanda ya ɓata, kuma izinin ya shafi layuka duka, don haka har yanzu `UPDATE 3000` zai gani. A nan ne ofisoshi da yawa ke tsayawa suna zaton sun gama.

Hali na uku, an ƙara masa shinge a kan layuka. Tun daga fitowar PostgreSQL 9.5 a shekarar 2016 ana iya yin haka:

```
ALTER TABLE albashi ENABLE ROW LEVEL SECURITY;
CREATE POLICY sashen_lafiya ON albashi
TO akawu_lafiya USING (sashe = 'lafiya');
```

Daga yanzu, a idon wannan akawu jadawalin bai wuce layi 120 ba, sauran 2,880 kamar babu su. In ya maimaita kuskurensa, `UPDATE 120` zai gani. Gyaran da zai ci awa 250 ya koma na awa 10. Akawu bai sauya hali ba, wayarsa ba ta daina ƙara ba, amma ɓarnar ta koma kashi ɗaya cikin ashirin da biyar. Sai dai a sani wannan shinge ba ya kama babban mai kula da rumbun, haka nan ba ya kama sunan da ya mallaki jadawalin sai in an tilasta shi a kansa, don haka bai halatta a riƙa aikin yau da kullum da waɗannan sunaye ba.

Hali na huɗu, sai mu tambayi kanmu: shin aikin akawu shi ne ya sauya asusu, ko kuwa ya shigar da bukatar sauyawa? In muka koma ga tsarin baucan da muka fara da shi, amsar a fili take. Sai a karɓe masa izinin gyara, a ba shi izinin rubuta bukata a wani jadawali dabam:

```
REVOKE UPDATE ON albashi FROM akawu_lafiya;
GRANT INSERT ON bukatun_gyara TO akawu_lafiya;
```

Wani jami'i na biyu, mai nasa suna da tasa kalmar sirri, shi zai duba bukatar, ya gwada ta da takardar ma'aikaci, sa'an nan ya amince. A wannan hali kuskuren akawu ba ya taɓa albashin kowa sai in jami'i na biyu shi ma ya yi sake.

Idan ɓarawo ne ya shigo

Yanzu mu bar ofishin yadda yake, mu sauya mutumin. Mu ƙaddara an aiko wa akawu saƙon yaudara mai kama da na hedkwata, ana cewa ya shiga wani shafi ya tabbatar da sunansa, ya kuwa shiga ya rubuta kalmar sirrinsa. Ɓarawo ya samu mabuɗi. Me zai iya yi da shi?

A hali na farko ya samu kome. Zai iya kwashe bayanan mutum 3,000, ya cusa sunayen ma'aikatan bogi, ya ƙara wa wanda ya ga dama mataki, ya buɗe wa kansa sabon suna domin ko an sauya kalmar sirrin gobe ya ci gaba da shiga, ya kuma kashe rajistar da za ta tona masa asiri. A hali na biyu ba shi da ikon ƙirƙiro ma'aikaci, amma zai iya zaɓen mutum hamsin daga sassa dabam-dabam ya karkatar da albashinsu a hankali yadda ba za a yi saurin ganewa ba. A hali na uku an tsare shi cikin sashe guda, inda koke-koken waɗanda abin ya shafa za su taru a teburi ɗaya a gane da wuri. A hali na huɗu ba ya iya karkatar da ko kwabo sai ya sace kalmar sirri ta biyu, ko ya yaudari mutum na biyu.

Akwai wani amfani kuma da ba a cika ambata ba. Ɓarawo bai san iyakar mabuɗin da ya sata ba, dole sai ya gwada ƙofofi. Kowace ƙofar da ta ƙi buɗuwa tana barin alama a rajista. Akawun da ya shekara yana aikinsa ba ya neman share jadawali da ƙarfe biyu na dare, don haka in aka ga an ƙi wa sunansa umurni sau goma a cikin minti kaɗan, an samu dalilin rufe sunan nan take. Sunan da ba a hana shi kome kuwa ba ya barin irin wannan alama, domin duk abin da ya nema ana ba shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen shekarar 2013 aka sace bayanan katin biyan kuɗi kimanin miliyan 40 daga kamfanin Target, mai manyan kantuna a Amurka. Ɓarayin ba ta babbar ƙofa suka shiga ba. Sun fara ne da sace suna da kalmar sirrin wani ƙaramin ɗan kwangila mai yi wa kantunan aikin na'urorin sanyi, wanda aka ba shi hanyar shiga domin abubuwa irin su aika takardun neman biya. Daga wannan kusurwa suka yi ta ratsawa har suka kai ga na'urorin da masu saye ke sa katinsu. Rahoton da ma'aikatan wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka suka fitar a watan Maris na 2014 ya nuna cewa da alama kamfanin bai ware sassansa masu muhimmanci daga sauran ba. A 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 18.5 domin sasantawa da jihohi 47 da gundumar babban birnin ƙasar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan tsagar ƙarama ce, amma bayanta babu wani bangon kirki.

Yadda izini ke taruwa

Ba a cika samun ofishin da ya zauna ya yanke shawarar ba akawu ikon kome ba. Izini taruwa yake yi a hankali, kuma ma'aikatan gwamnati sun san hanyoyin. An yi wa mutum canjin wurin aiki daga sashen lafiya zuwa sashen ayyuka, an ba shi sabon izini, ba a karɓe tsohon ba. Wani ya tafi hutun shekara, an ba mai riƙon ƙwarya izininsa, ya dawo, ba a mayar ba. Wani ya yi ritaya, sunansa na nan da rai. Bayan shekara goma sai a tarar tsohon ma'aikaci yana riƙe da mabuɗan kujeru biyar alhali a kan ɗaya yake zaune.

Irin waɗannan sunaye da aka manta da su sun fi haɗari, domin babu mai lura da su. A watan Mayu na 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun man fetur a gabashin Amurka, ya dakatar da aiki na kwanaki bayan an kai masa hari, ya kuma biya fansa kimanin dala miliyan 4.4. Ƙofar da aka shiga ta cikinta wani suna ne da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa.

Hanyar gane ko ofis ya faɗa wannan hali ba ta da wuya. A fitar da jerin izini, wanda a rumbun misalinmu umurnin `\dp albashi` ke nunawa, a ajiye shi kusa da jerin ma'aikata da kujerunsu na yau. A kan kowane izini a tambaya: wa ke riƙe da shi, wane aiki ne ya bukace shi, yaushe aka yi amfani da shi na ƙarshe? Wanda aka rasa amsarsa a karɓe shi. Ya kamata kuma karɓe izini ya shiga cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda ake karɓar mabuɗin ofis da na mota.

Iyakar ƙa'idar

Ba zan yi muku adalci ba in ban faɗi inda ƙa'idar take tsayawa ba. Na farko, ba ta kare abin da ke cikin shingen. Ko a hali na huɗu, ɓarawo yana karanta sunaye da lambobin asusun mutum 120, domin aikin akawu yana bukatar ya karanta su. Ƙa'idar tana rage ɓarna ne, ba ta hana sata. Hana satar kuwa aikin wasu matakai ne, kamar neman shaida ta biyu bayan kalmar sirri.

Na biyu, dole a samu wani mai riƙe da babban mabuɗi, kuma shi ma ɗan Adam ne. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya na kamfanin GitLab yana gyara cikin dare, ya yi niyyar share bayanai a kan na'urar da ke riƙe da kwafi, ashe a kan babbar na'urar yake. Ya farga cikin daƙiƙoƙi kaɗan, amma daga bayanai kimanin gigabayit 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan, aikin awa shidan kuwa ya tafi. Injiniyan yana da cikakken haƙƙin shiga na'urorin biyu, illar ita ce ikon sharewa a kan duka biyun yana hannunsa a lokaci guda. Shi ya sa ake so mai kula da rumbu ya kasance da suna biyu, ƙarami na karanta wasiƙu da aikin yau da kullum, babba kuma wanda yake ɗauka domin aiki guda a kan na'ura guda, ya ajiye da zarar ya gama. Kwafin ajiya kuma a sa shi inda sunan da ke aikin yau da kullum ba ya iya share shi.

Na uku, manhaja tana iya zuwa da aibin da zai ba ɓarawo damar tsallake shingen ya ɗaga kansa daga ƙaramin izini zuwa babba. Wannan ne ya sa na ce tun farko muddin shingen bai tsage ba, kuma maganinsa shi ne sabunta manhaja a kan kari.

Na huɗu, kuma shi ya fi shafar shugabannin ofis, tsanani in ya yi yawa yakan haifar da akasin abin da ake nema. In akawu yana bukatar izini yau amma sai takardarsa ta yi mako uku tana yawo, abin da zai faru shi ne maigidansa zai rubuta masa tasa kalmar sirri a guntun takarda domin aiki ya tafi, sai mu koma hali na farko ba mu sani ba. Saboda haka ofishin da ke son ƙa'idar ta ɗore dole ya sa bayar da izinin da ya dace ya zama abu mai sauri, kuma kowane izini na wucin gadi a rubuta masa ranar ƙarewa tun ranar da aka ba da shi.

Abin da nake roƙon kowannenku shi ne, in kun koma bakin aiki ku zauna ku lissafa abin da sunanku ke iya yi a cikin kwamfutar ofis, sa'an nan ku ɗauka cewa a daren yau wani ne zai shiga da shi. Duk abin da ke cikin lissafin wanda aikinku bai bukata ba, ku nemi a karɓe muku shi. Wannan kariya ce gare ku kafin ta zama kariya ga ma'aikata, domin ranar da aka zo bincike sunanku za a gani a rajista, kuma mutumin da ba shi da mabuɗin ɗaki ba a tuhumarsa da abin da ya ɓata a ciki.